Darasi na Shida: Yaron da Tsawonsa Ya Yi Jinkiri da Yaron da Ya Gaji Gajarta

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa, har zuwa Njamena, ba a rasa gidan da ake da yaro wanda tsaransa duk sun kere shi tsawo. Wasu iyaye sukan ce ai gado ne, su kawar da kai, wasu kuma sukan ruga kasuwa neman maganin ƙara tsawo. Likitoci sun san kashi biyu na yara masu cikakkiyar lafiya waɗanda gajeru ne ba tare da wata cuta ba, kuma ko da yake a ido kamarsu ɗaya, makomarsu ta sha bamban. Kashi na farko su ne masu jinkirin girma na halitta, wato jikinsu yana tafiya a bayan shekarunsu, balaga ta zo musu a makare, amma daga baya su cim ma tsaransu. Kashi na biyu su ne masu gajartar gado, waɗanda komai nasu yana zuwa a kan lokaci, sai dai iyayensu gajeru ne, su ma za su tsaya gajeru.

Bari mu ɗauki misalin yara biyu maza a aji ɗaya, mu kira su Bello da Isa, kowannensu shekararsa 14. Tsawon Bello santimita 143, na Isa 147. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin tsawon namiji mai shekara 14 wajen santimita 163 ne, saboda haka dukansu biyu suna can ƙasa sosai, kuma Bello ne ya fi ba iyayensa tsoro tun da shi ya fi gajarta.

Abin da likita zai fara nema shi ne ainihin ranar haihuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, domin yara da yawa an yi musu takardar haihuwa ne bayan shekaru, lokacin shiga makaranta, aka rage ko aka ƙara. Duk lissafin da zai biyo baya a kan shekarun gaskiya ya dogara, don haka uwa ta zo da katin rigakafi in yana nan, kuma ta faɗi gaskiyar shekarar haihuwa ko da ta saɓa wa takarda. Likita ba jami'in makaranta ba ne, ba ruwansa da abin da aka rubuta a can.

Daga nan sai ya auna uwa da uba. Aunawa ake yi, ba tambaya ba, domin yawancin mutane sukan ƙara wa kansu tsawo in an tambaye su. Ana cire takalmi da hula ko ɗankwali mai tudu, a tsaya dugadugai da baya suna taɓa bango, ido yana kallon gaba. Lissafin kuwa kowa zai iya yin sa a gida. In yaron namiji ne, a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13, a raba biyu. In mace ce, a cire 13 maimakon a ƙara. Wannan 13 ita ce tazarar da ake samu tsakanin tsawon maza da na mata a matsakaici.

Mahaifin Bello santimita 176 ne, mahaifiyarsa 161. In an haɗa, 337 ke nan, a ƙara 13 ya zama 350, a raba biyu, 175. Mahaifin Isa 160 ne, mahaifiyarsa 149, jimla 309, da 13 ya zama 322, rabinsa 161. Amsar ba alkawari ba ce, domin yaro yana iya wuce ta ko ya gaza ta da kamar santimita 8 da rabi. Duk da haka ta riga ta nuna wani abu: gajartar Isa ta dace da gidansu, ta Bello kuwa ba ta dace ba, sai an nemo dalilinta.

A nan ne likita zai yi tambayar da iyaye kan ji nauyin amsawa. Zai ce da uban, "Malam, kai a wace shekara ka yi tsawo, yaushe muryarka ta buɗe?" Mahaifin Bello ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Likita, ni ne ƙarami a cikin tsarana har na kai sha shida, sa'an nan na miƙe, ban daina tsawo ba sai wajen shekara goma sha tara." Ita ma uwar ana tambayarta, a keɓe in ta fi so, shekarar da ta fara al'ada, domin wadda ta fara a 15 ko 16 ta yi jinkiri. Ina roƙon iyaye kada kunya ta hana su amsa wannan, saboda jinkirin girma yana bin jini, kuma a yawancin yaran da ke da shi ana samun uwa, ko uba, ko wa, ko kawu da ya yi irinsa. Wato dukan kashin biyu gado ne: ɗaya ya gaji tsawon iyayensa, ɗayan ya gaji lokacin girmansu.

Sai duba alamun balaga. A namiji alamar farko ita ce girman 'ya'yan maraina, wanda likita ke gwadawa da wani abin awo mai kama da carbi, kuma in sun kai mililita 4 balaga ta soma. A mace alamar farko ita ce ƙirgar dangi. Ana cewa an yi jinkiri idan namiji ya cika 14 ko mace ta cika 13 babu waɗannan alamu. Isa muryarsa ta fara buɗewa, gashi ya fito masa, jikinsa na ɗan shekara 14 ne. Bello kuwa har yanzu jikinsa da fuskarsa na yaro ne.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne hoton ƙashi na hannun hagu da wuyan hannu. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, kuma daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Yayin da yaro ke girma, guringuntsin yana rikiɗa ya zama ƙashi sannu a hankali, sinadaran balaga kuma suna hanzarta wannan, har ranar da wurin zai rufe gaba ɗaya, daga nan tsawo ya ƙare, babu abinci ko allurar da za ta ƙara shi. Likita yana kwatanta hoton yaro da jerin hotunan da Greulich da Pyle suka tattara, waɗanda bugunsu na 1959 ake amfani da shi har yau, ya ga da na 'yan shekara nawa ya yi kama. Wannan ake kira shekarun ƙashi.

Hoton Isa ya nuna shekara 14, daidai da shekarunsa. Namijin da ƙashinsa ya kai 14 ya riga ya ci wajen kashi 93 cikin 100 na tsawonsa, don haka in an raba 147 da 0.93 za a samu kusan 158, wanda yake cikin iyakar gidansu. Hoton Bello ya nuna shekara 12, wato ƙashinsa yana baya da shekara biyu. Mai ƙashin shekara 12 ya ci wajen kashi 84 ne kawai, kuma 143 a raba da 0.84 ya ba da kusan 170. Bello, wanda ya fi gajarta yau, shi ne zai fi tsawo, da tazarar kusan santimita 12. Ku lura kuma cewa 170 bai kai 175 ba, domin masu jinkiri sau da yawa sukan tsaya a ɗan ƙasa da lissafin iyayensu, kuma hasashen da ake yi daga hoto yana iya kuskure da 'yan santimita.

Akwai iyaka da ya wajaba a sani, kuma a ganina ita ce ta fi shafar ƙasarmu. Ƙashi mai jinkiri ba na masu jinkirin halitta ne kaɗai ba. Rashin isasshen abinci yana jawo shi, haka amosanin jini, da ciwon ƙoda, da tarin fuka, da duk ciwon da ya daɗe a jiki, da ƙarancin sinadarin tayirod na maƙogwaro, da ƙarancin sinadarin girma. Saboda haka likita ba ya yanke cewa jinkirin halitta ne sai ya kore waɗannan, ta hanyar auna nauyi, da gwajin jini, da na fitsari da bayan gida, da tambaya a kan abin da yaro ke ci. Yaron da ya rame kuma ya gajarce, abinci ko ciwo ake fara zargi, wanda kuwa ya gajarce amma yana ƙiba, sinadaran jiki ake dubawa. 'Ya mace gajeriya wadda gajartarta ba ta dace da iyayenta ba, ana kuma bincika ciwon Turner, wanda ke hana tsawo da balaga tare.

Abin da ke tona asirin cuta shi ne saurin girma, kuma awo ɗaya ba ya nuna shi. Ana auna yaro, a sake auna shi bayan aƙalla wata 6, in da hali da ma'auni ɗaya kuma da safe, domin mutum yakan ɗan ragu da yamma. Daga shekara 4 zuwa balaga, yaro mai lafiya yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, kuma dukan kashin biyu suna riƙe da kusan wannan, ko da yake mai jinkiri yakan ɗan yi sanyi daf da balaga. Wanda bai kai santimita 4 a shekara ba, ko yake yawan ciwon kai da amai, ko ganinsa ya ragu, ba a ce masa a jira, a kai shi wajen likitan yara a babban asibiti.

An sake auna Bello bayan wata 6, ya ƙara santimita 2 da rabi, wato 5 a shekara, jininsa kuma lafiya. Abin da ya rage shi ne a riƙa kawo shi awo har alamun balaga su bayyana. In tsokanar abokai ta dame shi har yana ƙin makaranta, likita na iya ba namijin da ya kai 14 allurar testosteron kaɗan, wato sinadarin balagar maza, sau ɗaya a wata, na wata 3 zuwa 6, domin ta tayar da balaga. Ba ta ƙara tsawon ƙarshe, kuma in aka saya a kasuwa aka yi ta fiye da kima tana rufe guringuntsi da wuri, yaron ya tashi a gajere har abada. In kuma shekaru suka ja balaga ba ta zo ba, sai a koma a sake bincike, domin akwai ciwon da ke hana ta gaba ɗaya wanda da farko yake kama da jinkiri. Shi Isa ba shi da ciwon da za a yi wa magani, kuma ruwan magani na ƙara cin abinci da ake sayarwa ƙiba yake sawa, ba ya taɓa tsawo.

Aikin yi a aji: wata yarinya shekararta 12, mahaifinta santimita 168, mahaifiyarta 155. Ku lissafa tsawon da ake sa ran za ta kai, sa'an nan ku rubuta tambayoyi biyu da likita zai yi wa mahaifiyarta kafin ya tura ta ɗaukar hoton hannu.