Yadda ake zaɓar faɗin bututu da gangararsa don magudanar gida kada ta riƙa toshewa

Ruwa ne ke ɗaukar bahaya a cikin bututu, kuma sai ruwan yana da zurfi da gudu sannan zai iya. Duk lissafin faɗi da gangara a kan wannan yake. Gudun da ake nema bai yi ƙasa da kimanin santimita 60 zuwa 75 a daƙiƙa ɗaya ba. Idan ya gaza haka, ruwan zai sulale ya bar kayan a kwance, na gobe ya tarar da na yau, har bututun ya cike.

A fara da faɗi, don shi ne mai sauƙi. Babban bututun da ke kwashe masai na gida ɗaya inci 4 ne, wato milimita 110 a ma'aunin bututun roba. Ƙananan rassa na wurin wanka da wurin wanke-wanke inci 2 ya ishe su, na kwanon wanke hannu inci ɗaya da rabi. Kuskuren sababbin hannu a nan shi ne tunanin cewa babban bututu ba ya toshewa, sai su sa inci 6 ga gida mai masai biyu. Ruwan da masai ke saki a kora ɗaya bai wuce 'yan litoci ba. A cikin inci 4 yana tashi ya yi zurfin da zai sa bahaya ta yi iyo, amma a cikin inci 6 sai ya baje ya zama siriri a ƙasan bututun, kayan su kafe. An ƙara kashe kuɗi, an kuma sayo toshewa. Inci 6 na ginin da ke da masai biyar ko fiye ne. Kuma ko da wasa kada bututu ya ragu ta inda ruwa ya nufa, ko dai ya tsaya yadda yake ko ya ƙaru.

Gangara kuwa, ga inci 4 ka riƙe 1 cikin 40, wato kowace mita ɗaya bututun ya sauka santimita biyu da rabi. Idan wurin ya matse, kuma akwai masai a kan layin da ke turo ruwa da ƙarfi, ana iya sassautawa har 1 cikin 80, amma wannan iyaka ce, ba wurin zama ba. Rassan inci 2 kada su gaza santimita 2 a mita. Idan hukumar gini ta wurinku tana da nata adadi, shi za a bi.

Lissafin daga ƙarshe ake fara shi, domin bakin shigar tankin masai ko babbar magudanar titi ba ya motsi. Ɗauki layi mai tsawon mita 18 daga inda bututu ya fito daga gini zuwa tanki. A 1 cikin 40 kana buƙatar saukar santimita 45. To, a ce ka auna ka ga ƙasan bututu a bakin gini yana santimita 40 ƙasa da daɓe, bakin tanki kuma yana santimita 70 ƙasa da wannan daɓen. Abin da ke hannunka santimita 30 ne kacal. Raba 1,800 da 30, ka sami 1 cikin 60. Wannan ya yi, tunda akwai masai a kai kuma bai kai 1 cikin 80 ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ka fara da 1 cikin 40 saboda shi ka saba. Kafin ka kai mita 12 ka cinye santimita 30 ɗin duka, sauran mita 6 su tafi a kwance, kuma a nan layin zai riƙa toshewa har abada. Ka raba saukar daidai: santimita 5 a kowace mita 3. Duk awon nan daga cikin ƙasan bututu ake yin sa, inda ruwa ke bi, ba daga bayansa na sama ba.

Ido ba ya ganin santimita biyu a mita, saboda haka kada ka amince masa. Kafa turaku a gefen rami kowace mita 3, ka ɗauki tiyo siriri mai haske da ruwa a ciki ka sa alama ɗaya madaidaiciya a kan dukkansu. Daga alamar kake aunawa ƙasa, kana ƙara santimita 5 a kowane turke, sannan ka ja igiya. Wajen shimfiɗa kowane tsayin bututu, sami lebul, wato ma'aunin daidaito mai kumfa a ciki, mai tsawon mita ɗaya ka ɗaure masa guntun katako mai kaurin saukar da kake so a bakin da ke kallon gangare. Idan kumfar ta tsaya a tsakiya, gangarar ta yi daidai.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne ƙasan rami, ko da lissafi ya fita tsaf. Mai haƙa ya zarce zurfi a wani wuri, sai a mayar da ƙasa sako-sako, ko a tallafe bututun da dutse ko guntun bulo nan da can. A ranar komai daidai yake. Bayan an rufe, ƙasa ta zauna, sai bututun ya lotsa tsakanin duwatsun ya yi ciki kamar kwale-kwale. Ruwa ya kwanta a wurin, gudu ya mutu, maiƙo da takarda su taru. Alamarsa ita ce toshewa mai dawowa wuri ɗaya bayan 'yan makonni, komai yawan zura sanda. Ba shi da magani sai tonewa. Don haka duk inda aka zarce, a cike da yashi ko ƙananan tsakuwa a daddaɓe sosai. A shimfiɗa kimanin santimita 10 na wannan a tsawon ramin duka, a ɗan rarake gurbi a ƙarƙashin kowace mahaɗa don jikin bututun ya kwanta gaba ɗaya, kada ya rataya a kan bakunansa. Tifar yashin da ake ƙyashi ba ta kai kuɗin fasa daɓe daga baya ba.

Ana yawan cewa gangara mai tsanani tana sa ruwa ya tsere ya bar bahaya. Ni abin da na fi tsoro shi ne inda gangara mai tsanani ta faɗa wa mai laushi, don a nan gudu ke karyewa kaya su zube. Idan filin yana da tudu sosai, ka tafi da gangararka ta kullum, ka gina camba, wato ramin duba bututu mai murfi, mai zurfi inda bututu zai sauka a tsaye, sannan ka ci gaba.

Reshe ya shiga babban layi da mahaɗa mai kusurwa 45 tana kallon inda ruwa ya nufa. Gwiwa mai 90 ba ta da wuri a layin kwance, a sa biyu masu 45. Faɗaɗɗen bakin kowane bututu ya kalli inda ruwa ke fitowa, a kuma goge kaifin yanka kafin haɗawa. Camba a kowace kwana da kowace babbar mahaɗa, da bututun iska a saman layin.

Kafin ka rufe, kwara bokitin ruwa tare da dunƙulen takardar masai daga sama, wani ya tsaya a cambar ƙarshe ya ga fitowarsu tare. Bayan minti kaɗan haska tocila ta ciki. Idan ka ga ruwa kwance a wani wuri, ɗaga wannan tsayin ka gyara shimfiɗarsa. Sannan ka cike gefe da gefe da yashi da hannu, har ya rufe saman bututun da kimanin santimita 15, kafin a fara tura ƙasar rami.