Kurakuran da aka fi yi wajen neman diyya a kotu: biyan asara daban, horon mai laifi daban

A watan Agustan bara ruwa ya shiga shagon kawuna a nan Garwa. Maƙwabcinsa da ke ginin bene ya jibge yashi da tsakuwa a bakin magudana, an yi masa magana har sau uku, yana cewa gobe. Daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, buhu 40 na shinkafa suka kwana cikin ruwa. Da na isa da safe na tarar da buhunan ƙasa sun kumbura, ɗinkinsu ya fara ɓallewa, shagon yana tsamin jiƙaƙƙen hatsi.

Kawu ya ce da ni: "Ɗana, kai ka san takardun kotu. Rubuta miliyan 15 na sefa. So nake ya ji a jikinsa."

Na ce: "Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Kotun nan ba za ta ba ka kuɗin ya ji a jikinsa ba. Abin da ka rasa za ta mayar maka."

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma daga shi sauran suke tsirowa: a zuba fushi cikin lissafi. A yankunanmu na Kamaru masu bin tsarin shari'ar Faransa, haka ma a Cadi, ƙarar da ba ta laifi ba aikinta gyara ne. Sashe na 1382 na kundin dokar zamantakewa, wanda asalinsa na 1804 ne, cewa ya yi duk wanda ya jawo wa wani cuta da kuskurensa dole ya gyara ta. Ma'aunin girman asara ne, ba munin halin wanda ya jawo ta ba. Mai ganganci da mai mantuwa, in ɓarnarsu ɗaya ce, kuɗinsu ɗaya. Wanda ya zauna gaban malamai ba zai ga baƙon abu a nan ba: wanda ya lalata kayan wani yana biyan irinsa ko ƙimarsa, ta'aziri kuwa na hukuma ne.

To daga ina mutane suka samo zancen miliyoyi? Daga ƙasashen da ke bin tsarin Ingila, musamman Amurka, inda akan ɗora wa wanda aka kai ƙara wani kuɗi na horo a kan diyya. Shari'ar da ta fi yin suna ita ce ta 1994, ta wata dattijuwa da kofi mai zafi na wani babban kamfanin sayar da abinci ya ƙona. Diyyar cutar da ta same ta dala 160,000 ce, kuɗin horo kuma dala miliyan 2.7, wanda alƙali ya rage zuwa 480,000. Duba yadda aka raba su gida biyu, kowanne da dalilinsa. Ko a Ingila, tun hukuncin 1964 aka ƙuntata kuɗin horo ga 'yan wurare kaɗan, kamar zaluncin ma'aikacin gwamnati, ko wanda ya yi lissafin cewa ribar ɓarnarsa za ta fi diyyar da zai biya. Saboda haka in ɗan'uwanka na Yola ko Bamenda ya ba ka labarin irin wannan hukunci, ba lallai ƙarya yake ba, amma tsarin shari'arsu daban ne da na kotun Garwa.

Kada kuma a ce ai a rubuta da yawa, in an rage a samu wani abu. Zuzuta adadi yana da tsada. Dokar tsarin kotuna ta 2006 ta bar ƙarar da ba ta wuce miliyan 10 ba ga kotun matakin farko, wadda ta haura sai babbar kotu. Kuɗin ajiyar da ake biya wajen magatakarda yana hawa da hawan abin da ka nema. Sannan alƙalin da ya ga miliyan 15 a kan buhu 40 zai fara duban sauran takardunka da wani ido.

Muka zauna da littafin shago. Ya sayo kowane buhu a kan 20,000, wato 800,000. Shinkafar da ta jiƙe masu kiwo sun saye ta a kan 5,000 kowane buhu, 200,000 ke nan, kuma dole a cire, domin diyya ba ta barin mutum ya ci sau biyu. Saura 600,000. Ribar da zai samu a kan buhunan, 1,500 kowanne, ta kama 60,000. Gyaran daɓe da gindin bango 150,000. Shagon ya yi kwana 10 a rufe, littafi kuma ya nuna ribar sauran kaya tana kai 10,000 a rana, ga 100,000. Jimla 910,000.

A nan kuskure na biyu ya bayyana, kuma ya fi ba ni takaici, don shi yake cin talaka. Mutumin da ke kiran miliyan 15 bai ma tuna da ribar da ta wuce shi ba, ko kwanakin rufe shago. Doka tana biyan asarar da aka yi da kuma ribar da aka hana, amma alƙali ba ya ba da abin da ba a nema ba, ba ya kuma ba da abin da ba a tabbatar ba. Yaran shago har sun fara fitar da buhuna na tsayar da su. Kafin a taɓa komai a kira wisiye, ma'aikacin shari'ar nan mai rubuta abin da idonsa ya gani, ya ƙirga buhuna, ya ɗauki hoton yashin a bakin magudana, ya sa kwanan wata. A adana rasit na saye da na gyara. Abin da ba a biya shi ne asarar zato. Kawu ya so a saka kwangilar da yake sa rai da ita bayan Sallah. Babu takarda, babu alkawari, muka bar ta.

Wasu kuma sukan garzaya wajen 'yan sanda, suna zaton tarar da za a ci mutum aljihunsu za ta shiga. Tara ta baitulmali ce. Idan abin ya kai laifi, sai ka shiga shari'ar a matsayin wanda aka cuta, ka gabatar da lissafinka, nan ma asararka kaɗai za a auna.

Sai diyyar ɓacin rai da zubar mutunci. Tana nan a doka, amma ba ƙofar baya ba ce ta horo. Cuta ce da sai ka nuna ta same ka, kamar rasa ɗa, ko tabo a fuska, ko ɓata suna a bainar jama'a. A kan shinkafa da ta jiƙe ba za ta yi nauyi ba. Hatsarin mota kuwa dokar inshora ta bai ɗaya da Kamaru da Cadi ke ciki ta riga ta shata ma'auninsa.

Abin da ya fi kusa da muradin kawu shi ne kuɗin tilasci: a roƙi kotu ta umarci maƙwabcin ya kwashe yashin, ta sa masa wani adadi a kan kowace ranar da ya jinkirta. Wannan don ya bi umarni ne, ba ladan fushi ba, amma yana motsa mai taurin kai. Muka saka shi a takardar ƙarar bayan 910,000 ɗin, muka haɗa da rahoton wisiye, da rasit, da shafukan littafin shago na wata uku.