Ga ƙannena masu neman aikin gudanarwa: ku daidaita wasiƙarku da sanarwar aikin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na duba wasiƙar neman aiki ta wata ƙanwata da ta kammala digiri a Jami'ar Tarayya ta Gusau, tana neman muƙamin jami'ar gudanarwa, sai na tarar ta cika shafi da cewa ita mai ƙwazo ce da riƙon amana, alhali ba abin da sanarwar aikin ta tambaya ke nan ba.

Sanarwar ta nemi wanda ya iya adana fayiloli, da rubuta bayanin taro, da aiki da Excel. Muka ja layi a ƙarƙashin ukun, muka nemo wa kowanne hujja daga shekararta ta bautar ƙasa a wata sakandare a Ƙauran Namoda. Maimakon "na ƙware a aikin ofis", ta rubuta cewa ita ce ke ɗaukar bayanin taron malamai duk wata, tana miƙa wa shugaban makaranta cikin kwana biyu, kuma ta shigar da sakamakon ɗaliban azuzuwa uku a Excel. A ganina wannan jimlar ta fi duk yabon kai nauyi, domin mai tantancewa yana riƙe da jerin sharuɗɗan ne yana neman kowanne a wasiƙar.

Batun fayiloli kuwa, ƙwarewarta kaɗan ce, don haka ta faɗi iya abin da ta yi, wato tsara rajistar ajinta. Kada ku ƙara gishiri, domin a ganawa za a tambaye ku yadda kuka yi shi.