Kurakuran da aka fi yi wajen kimanta girman kamfani

Wallahi na gaji da ganin sabbin yaran da muke turawa binciken kwastoma suna dawo min da lissafi iri ɗaya, su ƙirga ma'aikata su ninka da wani adadi su ce wai ga cinikin kamfanin nan a shekara.

Yawan ma'aikata ba ya nuna kuɗin da ke shiga, kuma wannan kuskuren ni ya taɓa ci na sosai. Wani kamfanin masu gadi na ba kaya bashi saboda an ce min yana da mutum 200, wanda a ma'aunin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta Najeriya, ma ya wuce matsakaici tunda matsakaici 50 zuwa 199 ne. Ban zauna na yi lissafi ba. In a ce ana biyansa dubu 100 kan kowane mai gadi a wata, miliyan 240 ke nan a shekara, kuma kusan duka albashi ke cinyewa, in kwastoma biyu suka yi jinkirin biya shi ke nan sai a fara ba ka haƙuri. Wata bakwai ina zarya kan kuɗina. To yanzu ɗauki dilan siminti mai yara 8, tirela biyu a sati, kowace buhu 600, a ce buhu dubu 9, cinikinsa ya haura miliyan 560 a shekara. Mai mutum 8 ya ninka mai mutum 200! Haba, ta yaya za ka auna su da mudu ɗaya?

Amma kar ka ruɗe da dilan ma, ciniki daban riba daban. In naira 200 yake samu a buhu, abin da ya rage masa wajen miliyan 12 da rabi ne, kafin haya da kuɗin lodi. Ni dai yanzu kafin in tambayi mutum nawa ne sai na tambayi me ake sayarwa, nawa ke fita a sati, nawa ke saura a kai.

Sai masu ganin an rubuta cinikin kamfani miliyan 25 zuwa 100 su ɗauki tsakiya. Ƙananan kamfanoni sun fi manya yawa, don haka ni kusa da ƙasa nake ɗauka. Kuma ku tuna dokar kuɗi ta 2019 ta taɓa yafe harajin kamfani ga mai cinikin da bai wuce miliyan 25 ba, shi ya sa a lokacin in na ga takarda ta tsaya cak a 24 sai na nemi bayanan asusun banki.

Ku duba shekarar alƙaluman, miliyan 100 na farkon 2023 lokacin dala tana wajen 460 a hukumance ba ita ce ta 2024 ba da dala ta wuce 1,500.

Leburori na wucin gadi da 'yan kwantiragi ku ware su gefe, reshe kuma kar a ɗora masa alƙaluman uwar kamfani.