In ka yi kuskuren farashi, kira kafin ka sake rubutu

'Yan uwa, in ka ga kuskure a takardar farashin da ka tura, kada ka goge saƙon ka yi shiru. Kira mai sayen nan take.

Kwanan baya na tura wa wani Alhaji a Agege farashin wake buhu 40 daga kasuwar Mile 12 da ke Legas. Na rubuta ₦85,000 kowane buhu, alhali ₦95,000 ne. Giɓin ₦400,000 ke nan.

Na kira shi na ce, "Alhaji, kuskure daga wajena ne, layi na biyu. Ga rasit ɗin sari na, ka duba." Sannan na tura sabuwar takarda, na sa kwanan wata, na rubuta a sama cewa ta soke ta farko. Ban taɓa kuɗin mota ko na 'yan dako ba.

Wannan shi ne ya kwantar masa da hankali. Mutum ya ga lamba ɗaya ce ta canza, kuma ga hujja. In ka gyara abu uku a lokaci guda, zai ɗauka ƙari kake lallaɓowa da shi.

Amma fa in ya riga ya biya kafin alƙalami, magana ta ƙullu. Nan sai roƙo: ku raba giɓin, ko ka ɗauki asarar.