Yadda ƙaramin ma'aikaci zai sa Babban Sakatare ya san da shi ba tare da shisshigi ba

Na sha ganin sababbin ma'aikata 'yan mataki na 8 a Katsina suna tare Babban Sakatare a ƙofar masallaci bayan Azahar, yana ƙoƙarin sa takalmi suna zayyana masa shawara. Ni ma na taɓa yin haka. Ya ce, "To, ka same ni a ofis," kafin La'asar kuwa labari ya kai kunnen daraktana, wanda ya ɗauka ƙararsa na kai. Na daɗe ina gyara wannan ɓarna.

Da farko, ka zaɓi matsala guda wadda take damun Babban Sakataren shi kansa, kuma wadda kake da shaida a kanta. Maganar ƙarin girmanka ko canjin wurin aiki ba ta cikin wannan lissafi. A ce kana ofishin shiyya a Daura, ka lura rahoton wata-wata yana isa hedikwata a makare saboda ana jiran motar da za ta shiga Katsina, tafiyar kusan kilomita 80. Ka bi rajista ka rubuta ranar da aka kammala kowane rahoto da ranar da aka karɓe shi, na wata 6 a jere.

Sai ka rubuta takarda shafi ɗaya. Layin farko ya faɗi matsalar, ranakun su biyo baya, sannan abin da kake roƙo: izinin gwada tura rahoton ta imel na wata 2, takardar asali ta biyo daga baya. A wurina, takardar da ta shiga shafi na biyu ta riga ta mutu.

Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne na shugabanka na kusa. Ka kai masa takardar tun tana zubin farko, ka ce, "Yallaɓai, ga abin da na lura da shi, a duba a gyara mini." Duk gyaran da ya yi ka karɓa, ko da na waƙafi ne, domin wanda ya sa biro a takarda ba ya son ta kwana a durowa. Ta wuce ta hannunsa zuwa ga darakta, sunanka yana ƙasa. Idan ya ce a dakata, ka tambaye shi dalili. Sau da yawa akwai tsohon saɓani a saman bene da ba ka sani ba.

Ka riƙe lambar fayil, ka kuma girmama sakataren ofis da masinja. Gaisuwa ta isa, kada ka miƙa kuɗin goro. Bayan mako 2 ka tambaya sau ɗaya.

Ran da aka kira ka, ka ce "Ranka ya daɗe," ka amsa abin da aka tambaya cikin minti 2, ka ambaci gudummawar shugabanka, ka tashi kafin a sallame ka da ido.