Kurakuran da ɗaliban ungozoma suka fi yi a kan matakan naƙuda

Duk ɗalibar da ka tara za ta zayyano maka matakan naƙuda tas, na farko na biyu na uku, wasu har da na huɗu. Amma ka tambaye ta daidai ina wannan ya ƙare wancan ya fara, nan ake jin shiru. Kuma ni dai a ganina yawancin makin da ake zubarwa a jarabawa, da rikicewar da ake yi a ɗakin haihuwa, a kan iyakokin nan ne.

Mu fara da farkon naƙudar kanta. Mace ta zo tana riƙe da ƙugu ta ce tun jiya da la'asar take ciwo, sai ɗaliba ta rubuta la'asar ɗin jiya a matsayin farkon naƙuda. Ciwon mara kaɗai ba ya zama naƙuda, sai ciwon yana zuwa a kan tsari, yana ƙara ƙarfi yana matsowa kusa-kusa, sannan bakin mahaifa yana sirancewa yana buɗewa. In ciwon yana lafawa idan ta kwanta ko ta ɗan zaga, kuma bayan awa 4 an sake dubawa bakin yana nan yadda yake, to ba ta shiga ba tukuna. Fashewar faya ma haka, tana iya fashewa naƙuda ba ta fara ba.

Wanda ya fi cin mutane shi ne raba matakin farko gida biyu, wato sashen da buɗewa ke tafiya a hankali da sashen da naƙuda ta kankama. Tsohon fatograf, wato takardar zanen bibiyar naƙuda, da har yanzu ake cikewa a asibitoci da yawa yana fara sashe na biyun daga santimita 4. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a shawarwarinta na 2018 ta mayar da shi santimita 5, a 2020 ta fito da sabuwar takardar bibiyar naƙuda a kan haka. Sai ka ga ɗaliba ta haɗa biyun a amsa ɗaya, ta ce 5 a sama ta zana daga 4 a ƙasa. Gyaran mai sauƙi ne, ki faɗi wacce takarda kike bi kafin ki sa lamba, a wod kuma ki bi wadda asibitin ke amfani da ita.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi da tsohon fatograf. Mai cikin fari ta zo ƙarfe 8 na dare, buɗewa santimita 2. Ƙarfe 12 an duba, 3. Ƙarfe 4 na asuba, 5. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara zane tun ƙarfe 8 na dare, to kafin gari ya waye zanen ya nuna kamar naƙuda ta maƙale, hankalin kowa ya tashi, har a fara zancen ruwan naƙuda alhali matar lafiyarta ƙalau. Awa 8 ɗin farkon nan a fayil ake rubuta su. Alamar farko a fatograf ta ƙarfe 4 ce, kuma a kan layin gargaɗi kanta ake ɗora ta daidai santimita 5, sai a rubuta lokacin a ƙarƙashinta. Layin nan yana tafiya ne da santimita 1 duk awa, don haka ƙarfe 8 na safe yana kan 9. In kin duba kin samu 8, ta tsallaka layin gargaɗi da awa ɗaya, amma layin ɗaukar mataki yana can awa 4 a dama da na gargaɗin, ba ta kai shi ba. Abin yi a nan shi ne ki sanar da babba, ki duba ko mafitsara ta cika, ki ɗora hannu a ciki ki ƙirga ciwo nawa ke zuwa cikin minti 10 da daɗewar kowanne, ki taɓa cikin ta waje ki ji kashi nawa cikin 5 na kan jariri ya rage a saman ƙugu. In kuma kina ƙaramin asibitin da ba a tiyata, lokacin fara shirin turawa gaba ke nan tun da sauran hali. Ita sabuwar takardar ta ma bar zancen santimita 1 duk awa, don mata da yawa sun fi haka jinkiri kuma su haihu lafiya.

Af, ƙirga ciwo da ido daga bakin gado ba ƙirga ba ne. Wata tana ihu ciwon bai kai sakan 20 ba, wata ta yi gum tana cije leɓe saboda kunya, musamman ƴan fari, nata ya wuce sakan 40. Hannu ne ke faɗa miki.

Mataki na biyu yana farawa ne da cikar buɗewa, santimita 10, ya ƙare da fitowar jariri. Ɗalibai da yawa suna ɗauka da zarar mace ta ce tana jin kashi ko ta fara yunƙuri shi ke nan an shiga. Idan bayan kan jariri yana kallon bayan uwa, tana iya jin yunƙuri tun tana 7 ko 8, in kika ce mata yi nishi a lokacin sai bakin mahaifa ya kumbura ko ya yage, ita kuma ta gaji tun ba a zo wajen ba. Ki tabbatar da hannu tukuna. Ko ta cika 10 ɗin ma, in ba ta jin yunƙuri kuma ita da jariri lafiya, a bar kan ya sauko. Mai cikin fari yawanci tana gamawa cikin awa 3, wadda ta saba cikin awa 2. Wani abin da ake mantawa, bugun zuciyar jariri da kike saurara duk minti 30 a matakin farko, yanzu duk minti 5 ne, kuma ana so ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti.

Na uku daga fitowar jariri ne zuwa fitowar mabiyiya. Nan jeri ne ke rikicewa. Kafin allura ki shafa cikin ki tabbatar babu ɗan tagwai a ciki, sannan oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta ƙulle, yunit 10 a tsoka cikin minti ɗaya da haihuwa. Cibiya kuma kar ki yi saurin datse ta, ki jira minti 1 zuwa 3 in dai jaririn ba ya buƙatar a taimaka masa da numfashi nan take. Mafi muni shi ne jan igiyar cibiya mahaifa tana sake, ko ja ba tare da ɗaya hannun ya tokare mahaifa a saman mara ba, igiyar na iya tsinkewa, mahaifa ma na iya juyowa waje. Ki jira ta ƙulle ta yi tauri, ki ja a hankali, in mabiyiya ba ta biyo ba ki saki ki jira ciwo na gaba. In an kai minti 30 ba ta fito ba ki kira babba. In ta fito kuma ki shimfiɗa ta ki duba ko wani yanki ya rage, da tantaninta duka.

Sai wanda ake kira na huɗu, awa ɗaya zuwa biyu bayan mabiyiya, lokacin da kowa ya koma kan jariri, dangi na ta barka, ɗaliba kuma ta tafi wanke kayan aiki. Zubar jini a nan ya fi kama mace. Duk minti 15 ki dawo ki taɓa mahaifa, ki duba ƙunzugu, ki auna bugun jini. In kin ji mahaifa ta yi laushi ki murza ta har ta yi tauri, in kin same ta sama da cibiya ta karkace gefe ɗaya to mafitsara ce ta cika, ki sa ta yi fitsari. Jinin da ya kai mil 500 zubar jini ne ko da tana zaune tana hira, kuma ki ɗaga ta ki leƙa ƙarƙashinta, don zani da leda suna shanye da yawa ba a gani ba.